Yadda ake gyara PDF don makaho ya iya karanta shi da manhajar karanta allo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ke haɗa rahoton shekara na ƙungiyarmu, shafi 24, a Word nake rubutawa sannan in mayar da shi PDF. Wani abokin aikinmu mai lalurar gani ya ce manhajarsa ta NVDA na karanta masa rahoton a hargitse, ba ta ganin kanun babi ko ɗaya, hotuna kuma sai dai ta ce akwai hoto ta wuce. Ni kuwa da na duba lafiya lau nake ganin komai. Ta ina zan fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ku duka biyun gaskiya kuka faɗa, domin ba abu ɗaya kuke karantawa ba. Fayil ɗin PDF jiki biyu gare shi. Na farko shi ne wanda ido ke gani, kuma shi ba komai ba ne illa umarnin zane: a sa wannan harafi a wannan wuri, da wannan girma, da wannan launi. A wannan jikin babu wani abu da ake kira babi ko sakin layi, haruffa ne kawai a warwatse a kan farin fili. Jiki na biyu a ɓoye yake, wato jerin alamomin tsari da za ki gani da sunan `Tags` a allo. Su ne ke cewa wannan kan babi ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne ga bayaninsa, wannan ya zo kafin wancan. Tun 2001, da fitowar PDF 1.4, aka shigo da su, amma ba dole ba ne fayil ya zo da su. Idonki na farko yake karantawa, NVDA kuma na biyun. Idan na biyun babu shi, ko yana nan a karkace, manhajar sai ta shiga lalube, ta ba abokin aikinki abin da ta tsinta.

Saboda haka kafin ki taɓa komai, bincika ko alamomin ma suna nan. Buɗe fayil ɗin a Adobe Acrobat Reader, ki danna `Ctrl+D`, ki duba ƙasan shafin `Description`. Akwai layin da aka rubuta `Tagged PDF`, gabansa ko `Yes` ko `No`. Daga yadda abokin aikinki ya ce ba kai ko ɗaya, zan iya cewa ɗayan biyu ne. Ko dai `No` za ki gani, wanda ke nufin an fitar da fayil ɗin ta hanyar `Print`, aka zaɓi `Microsoft Print to PDF`. Wannan hanya kamar firinta take, zane kawai take ɗauka ta zubar da tsarin gaba ɗaya, duk wahalar da kika sha a Word ta tafi a banza. Ko kuma ki ga `Yes`, amma duk abin da ke ciki an yi masa alamar sakin layi, saboda tun a Word ba a gaya wa kwamfutar cewa akwai kanu ba.

Akwai na uku da ya fi waɗannan muni, kuma a wajenmu ya yi yawa. Shi ne a buga takarda, shugaba ya sa hannu da hatimi, sannan a ɗauki hotonta da waya ko a yi mata sikanin a ce ga PDF. Wannan hoton rubutu ne, ba rubutu ba. Haka nan idan an kai aikin shagon buga takardu aka tsara shi a CorelDRAW, mai tsarawa ya yi `Convert to Curves` don kada salon haruffa ya canza a wata kwamfutar: haruffan sun zama zane, babu abin karantawa. Gwajin mai sauƙi ne. Gwada jan linzami a kan kalma ɗaya, in ta ƙi zaɓuwa to babu rubutu a wurin. Naki ba wannan ba ne tunda NVDA na karanta wani abu, na ambata ne don kada wani ya ce zai taimaka miki ya jefa ki ciki.

Shawarata ɗaya ce kuma a kanta duk sauran suka rataya: tunda kina da fayil ɗin Word, a can za ki yi gyara, ba a cikin PDF ba. Gyaran PDF kai tsaye yana buƙatar Acrobat Pro, wanda na kuɗi ne, yana cin lokaci, kuma ranar da aka ce ki canza lamba ɗaya a shafi na 9 kika sake fitar da fayil, duk gyaran ya bi ruwa sai ki sake daga farko. Abin da aka gyara a Word kuwa yana nan, har rahoton baɗi zai gaje shi.

Kanu

Mai ido idan ya karɓi rahoto mai shafi 24 ba ya fara karantawa daga bismilla. Yana bubbuɗa shafuka, yana kallon manyan rubutu, har ya kai babin kuɗi da yake nema. Makaho ma haka yake yi, amma da maɓalli. A NVDA harafin `H` na kai shi kai na gaba, `Shift+H` na mayar da shi na baya, lambobin `1` zuwa `6` na tsallaka shi tsakanin kanu masu mataki ɗaya, `Insert+F7` kuma na fito masa da jerin kanun ya zaɓa. In babu kanu na gaskiya, duk waɗannan ƙofofi a rufe suke. Sai dai ya zauna ya saurara daga shafi na 1 har a zo inda yake so, kuma gobe idan yana son komawa wurin ya sake.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a zaɓi layi, a danna `B`, a ƙara girmansa zuwa 16, a ce an yi kai. Ga kwamfuta wannan sakin layi ne da ya sa babbar riga, ba wani abu ba. Kai na gaskiya daga `Styles` yake fitowa. Ki ɗora linzami a kan layin ki zaɓi `Heading 1`, ko ki danna `Ctrl+Alt+1`. `Ctrl+Alt+2` na `Heading 2` ne, `Ctrl+Alt+3` na `Heading 3`. Na san abin da zai biyo baya, za ki ce launin shuɗin da Word ke sawa bai yi miki ba. Kada ki koma gyara kowane kai da hannu. Danna dama a kan `Heading 2` a jerin, ki zaɓi `Modify`, ki sa launi da girman da kike so sau ɗaya, duk kanun wannan mataki za su bi.

Matakin kai ba girman rubutu yake nunawa ba, dangantaka yake nunawa, wane ne ƙarƙashin wane. Ni yadda nake yi, sunan rahoto shi ne `Heading 1`, babi-babi `Heading 2`, sassan cikin babi `Heading 3`. Wasu na ba kowane babi `Heading 1`, wannan ma ba laifi, in dai an tsaya a kan tsari ɗaya. Abin da ba a yi shi ne tsallake mataki wajen sauka, a tashi daga na 2 a faɗa na 4 don kawai na 4 ya fi kyau a ido. Mai sauraro da ya ji mataki na 4 bayan na 2 zai ɗauka akwai wani kai da ya wuce shi, ya koma nema. Ƙa'idar PDF/UA, wato ISO 14289 da aka fitar a 2012, ta hana wannan tsallaken ƙarara. Wajen hawa kuwa ba matsala, kina iya tashi daga na 4 ki koma na 2 in sabon babi ya fara. Kishiyar wannan kuskuren ma ana yi: a ɗauki wata magana mai daɗi ta shugaban ƙungiya a sa mata `Heading 2` don ta yi girma. Sai ta shiga jerin babi, mutum na neman babin kuɗi yana cin karo da jawabi.

Idan kin gama, je ki `View` ki kunna `Navigation Pane`. Jerin da zai fito a gefen hagu shi ne kusan abin da abokin aikinki zai samu. Karanta shi shi kaɗai. In jerin ya ba ki labarin rahoton, kanunki sun yi. In kin ga gurbi fari a cikinsa, wani layi ne da babu komai aka bar shi da alamar kai, ki goge shi. Dama ki daina danna `Enter` sau goma don tura rubutu zuwa sabon shafi, `Ctrl+Enter` ke yin wannan aikin.

Bayanin hoto

Sa shi ba wuya. Danna dama a kan hoton, ki zaɓi `View Alt Text`, a wasu tsofaffin Word `Edit Alt Text` ne, ki rubuta a akwatin da zai buɗe. Wuyar tana wajen sanin me za a rubuta, kuma a nan ne na fi ganin mutane masu kyakkyawar niyya suna ɓata aiki.

Tambayar da za ki yi wa kanki ba “me ke cikin hoton?” ba ce. Ita ce: me ya sa na sa hoton nan a wannan wurin? Ɗauka kina karanta wa mutum rahoton ta waya, kin zo kan hoton, me za ki faɗa masa kafin ki ci gaba? Abin da za ki faɗa shi ne bayanin. A ce a babin ruwa akwai hoton rijiyar burtsatse. Rubuta “hoto” bai ƙara komai ba, NVDA ta riga ta sanar cewa hoto ne kafin ta karanta bayanin, don haka ma ba sai kin fara da “hoton” ba. Barin `IMG_2034.jpg` ya fi wannan muni, harafi-harafi za a karanta masa. Rubuta sakin layi guda kan launin mayafin matan da ke wurin da yanayin sama shi ma ɗora wa mutum kaya ne. Abin da ya dace shi ne irin wannan: “Mata huɗu na ɗiban ruwa a sabuwar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tankinta a sama.” Jimla ɗaya ko biyu. Dalilin gajartawa shi ne bayanin hoto dunƙule ɗaya ne, babu kai, babu jeri, babu jadawali a cikinsa, mai sauraro ba shi da tsanin da zai taka ya koma tsakiya.

Zanen ƙididdiga shi ne ya fi buƙatar tunani, domin shi ba ado ba ne, bayani ne aka dunƙule. A ce kina da zane mai sanduna huɗu da ke nuna rijiyoyin da aka gyara a kowane wata uku, misali 6, 9, 4 da 14. Bayanin da ya ce “zanen sanduna na gyaran rijiyoyi” ya faɗi sunan ƙwarya ne bai buɗe ta ba. Mai ido da kallo ɗaya ya ga cewa aiki ya ja baya a zango na uku sannan ya yi tsalle a na huɗu. Wannan ganin shi za ki ba mai sauraro: “Zanen sanduna: rijiyoyin da aka gyara sun tashi daga 6 zuwa 9, suka sauka zuwa 4 a zango na uku, sannan suka kai 14 a zango na huɗu.” Lambobi huɗu suna shiga jimla. In sun kai ashirin kada ki cusa su, bayanin ya faɗi abin da zanen ke nunawa a dunƙule ya ce cikakkun lambobin na jadawalin da ke ƙasa, ki kuma sa jadawalin na gaskiya a jikin rahoton. Masu ido ma za su gode miki, ba kowa ke iya ƙiyasta tsawon sanda ba.

Na ce jadawali na gaskiya da gangan. Sau da yawa nakan ga an ɗauki hoton allon Excel an manna a rahoto. Babu bayanin hoton da zai iya ɗaukar layi goma sha biyar na kuɗi. Gina shi da `Insert` sannan `Table`, ki zaɓi layin farko ki kunna `Repeat Header Rows` don a san shi ne layin kanu, ki guji haɗe gidaje. Da haka mai sauraro zai riƙa zagayawa da `Ctrl+Alt` da kibiyoyi, yana jin sunan kowane ginshiƙi tare da lambar da ke ƙarƙashinsa.

Sai hotunan da ba su ɗauke da saƙo: zanen fure a gefen shafi, layin ado tsakanin babi. Waɗannan ki sa musu `Mark as decorative`, manhajar za ta wuce su shiru, kuma shirun shi ne daidai. Tambarin ƙungiya a bangon gaba ya samu bayani sau ɗaya, sunan ƙungiyar ya isa. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto, irin “Hoto na 3”, ba ya maye gurbin bayani, kuma kada ki kwafe shi ki zuba a akwatin, mutum zai ji magana ɗaya sau biyu a jere.

Abin da ya zo kafin wani

Wannan shi ne hargitsin, kuma shi ya fi wuyar ganewa da ido domin shafin na nan tsaf. Bari in ba ki labarin wani shafi da na taɓa gyarawa, na tabbata za ki ga naki a ciki. Rahoton wata ƙungiya ne, shafi na 7. A sama akwai kan babi. Ƙarƙashinsa rubutu ya rabu gida biyu irin na jarida, hagu da dama. A gefen dama akwai akwati mai launi da taƙaitaccen bayani, a ƙasa kuma zanen sanduna da rubutunsa. Wanda ya tsara shafin ya yi gida biyun ne da jadawali marar layi, ya sa kan babin a cikin `Text Box` don ya iya matsar da shi, akwatin gefe ma haka, zanen kuma yana shawagi a kan shafi. Da na buɗe alamomin ga abin da na tarar:

```
<Table>    rubutun hagu da na dama
<Figure>   zanen sanduna, babu bayani
<P>        akwatin gefe
<P>        kan babi
<P>        rubutun ƙasan zane
```

Dubi abin da mai sauraro ke ji. Ana fara ce masa ya shiga jadawali, ya shirya jin lambobi, sai ga labari. Jimlar da ta fara a ƙasan hagu ta ƙare a saman dama an yanke ta gida biyu. Sannan hoto marar suna, sannan akwatin gefe, sai can daga baya a faɗi sunan babin da an riga an gama karanta shi, kuma ko a nan ba a ce kai ba ne. Rubutun zanen ya zo a ƙarshe, ya rabu da zanensa.

Ban da jadawalin, sanadin wannan hargitsin jeri shi ne abin da ke shawagi. Word na jera alamomi ne bisa kwararar rubutu daga sama zuwa ƙasa. Akwati ko hoton da kika ja da linzami kika ajiye ba ya cikin wannan kwarara, ɗaure yake da wani sakin layi da wata alama mai kama da ƙugiya, kuma wurin ƙugiyar ne ke tasiri a kan inda zai faɗo a jeri, ba wurin da idonki ke ganinsa ba. Kina iya jan hoto zuwa ƙasan shafi ƙugiyarsa na can sama.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na fitar da kan babin daga akwati na mayar da shi layi na farko da `Heading 2`. Na rushe jadawalin na zuba rubutun a jere, sannan na zaɓe shi na je `Layout`, `Columns`, `Two`, wanda ke raba rubutu gida biyu a ido amma ya bar shi igiya ɗaya a ciki. Akwatin gefe na mayar da shi sakin layi na yau da kullum, na ba shi launi da `Shading` da `Borders`, na ajiye shi bayan rubutun da yake taƙaitawa. Zanen na danna shi na zaɓi `Wrap Text`, `In Line with Text`, ya zauna a layinsa, rubutunsa na biye da shi. Sakamakon:

```
<H2>       kan babi
<P>        rubutu, sakin layi bi da bi
<P>        taƙaitaccen bayani
<Figure>   zanen sanduna, da bayaninsa
<P>        rubutun ƙasan zane
```

Gaskiya shafin ya ɗan rage ƙyalli, akwatin ba ya gefe kamar da. Mai tsarawa ya ɗan yi gunaguni, amma babu mai karatun da ya lura.

Abu ɗaya da ke ba mutane mamaki: abin da ke cikin `Header` da `Footer` Word na fitar da shi a matsayin kayan ado, ba a karanta shi. Hakan daidai ne, babu mai son jin sunan rahoto da lambar shafi sau 24 a tsakiyar jimla. Amma idan ranar rufe karɓar takardu ko adireshin ofis a nan kaɗai kika sa su, mai sauraro ba zai taɓa jin su ba. Maimaita su a jikin rubutu.

In rahoton da Hausa ne ko yana da sashen Hausa, akwai ƙarin tarko. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna da gurbinsu na kansu a tsarin haruffan kwamfuta na duniya, ƙ misali ita ce `U+0199`. Amma har yanzu akwai masu amfani da tsofaffin salon haruffa da ke yaudarar ido, ka danna wata alama dabam ta fito da siffar ƙ. A takarda lafiya lau, a ciki kuwa wata alamar ce, kuma ita manhaja za ta karanta ko ta aika wa na'urar rubutun makafi. Kwafi kalmar “ƙungiya” daga PDF ɗin ki manna a Notepad. In ta fito yadda take, kin tsira. Ki kuma zaɓi kowane sashe ki gaya wa Word harshensa ta `Review`, `Language`, `Set Proofing Language`, domin da wannan alamar manhaja ke sanin lokacin sauya murya in tana da muryar harshen.

Yanzu fitarwa. Sa sunan rahoton a `File`, `Info`, `Title`. Sannan `Save As`, ki zaɓi PDF, ki shiga `Options`, ki tabbatar an sa alama a `Document structure tags for accessibility`, ki kuma kunna `Create bookmarks using` tare da `Headings`. Mai aiki da LibreOffice zai je `Export as PDF` ya kunna `Universal Accessibility (PDF/UA)`. Bayan an fitar, ki yi hattara da shafukan intanet masu rage nauyin fayil ko haɗa fayiloli biyu don a samu turawa ta WhatsApp. Wasunsu na zubar da alamomin. Duk abin da ya taɓa fayil ɗin bayan fitarwa, sake duba `Tagged PDF`. In nauyi ne damuwa, rage girman hotunan tun a Word da `Compress Pictures`.

Idan wata rana aka miƙo miki PDF babu fayil ɗin asali, to sai Acrobat Pro, kuma ga abin da zan ja kunnenki a kai. Za ki ga wurare biyu da kowanne ke kama da na jerin karatu, `Order` da `Tags`. Manhajoji irin su NVDA da JAWS `Tags` suke bi, can za ki ja alama sama ko ƙasa. Jan abubuwa a `Order` na iya canza wane zane ke kan wane, sai ki ga rubutu ya ɓace a bayan akwati mai launi. Ajiye kwafi kafin ki fara, ki kuma riƙa ajiyewa bayan kowane shafi, don ba kowane kuskure ke komawa da `Ctrl+Z` a wurin ba.

Saura gwaji. `Check Accessibility` da ke ƙarƙashin `Review` a Word zai kamo hotunan da kika manta. Akwai kuma PAC, manhajar kyauta ta Windows da ke auna fayil da ma'aunin PDF/UA, tana da `Screen reader preview` da ke shimfiɗa miki rubutun a jeren da za a karanta shi, kowane yanki da alamarsa. Amma kada koren alama ya ruɗe ki. Jerin binciken da ake kira Matterhorn Protocol ya lissafa hanyoyi 136 da fayil zai iya saɓa ƙa'idar, 47 daga ciki sai mutum ya duba da hankalinsa. Manhaja na iya cewa hoto na da bayani, ba za ta iya cewa bayanin na da ma'ana ba, ko “hoto” kika rubuta za ta ba ki maki. Shi kansa Acrobat Pro idan ya zo kan `Logical Reading Order` cewa yake `Needs manual check`.

Don haka sauke NVDA, kyauta ce, ki buɗe rahoton a Acrobat Reader. Kada ki yi gwajin da `Read Out Loud` na Acrobat, wannan murya ce kawai, ba ta nuna miki yadda ake zirga-zirga. Idan saurin muryar NVDA ya rikita ki, kuma zai rikita ki a ranar farko, kunna `Speech Viewer` a ƙarƙashin `Tools`, zai rubuta miki duk abin da ake faɗa. Danna `H` daga farko har ƙarshe ki ƙirga kanu, su yi daidai da na `Navigation Pane`. Koma sama ki danna `G` ki ji kowane hoto, sannan `T` don jadawali. Daga nan ki je shafin da ya fi cunkoso, ki danna `Insert` tare da kibiyar ƙasa, ki juya fuskarki daga allon ki saurara har ƙarshen shafin. Duk inda jimla ta yanke ko magana ta faɗo ba a wurinta ba, akwai abin da ke shawagi a nan, koma Word ki nemo ƙugiyarsa.

In kin gama, tura wa abokin aikinki da buƙata takamaimai, kada ki ce masa kawai ya duba ko ya yi. Ce masa ya nemo jimillar kuɗin da aka kashe a zango na uku, ya kuma gaya miki abin da zanen babin ruwa ke nunawa, ki ga minti nawa zai ɗauka. Ki tambaye shi ko a waya ma yake karatu, domin manhajojin buɗe PDF na waya ba duka ke bin alamomin ba. In haka ne, haɗa masa da fayil ɗin Word ɗin da kika gyara a saƙo ɗaya.